Takardun Mutane Sun Cika Wayata: Har Yaushe Zan Ajiye, Kuma Yaya Zan Goge?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da shagon kwamfuta a Zariya, inda nake cike wa mutane fom na neman aiki da na tallafin karatu da rajistar bautar ƙasa. Yawancinsu ta WhatsApp suke turo mini takardunsu: hoton takardar NIN, lambar BVN, sakamakon jarrabawa, hoton fasfo, har da kalmar sirrin imel. Shekara huɗu ke nan ban goge komai ba, domin wani ya taɓa dawowa bayan wata takwas yana cewa ya biya ni kuɗi ban yi masa aiki ba, kuma saƙonnin nan ne suka wanke ni. Yanzu wayar ta cika, ina so in sayar da ita in sayi wata, kuma tun da aka ƙwace wayar maƙwabcina hankalina bai kwanta ba. In na goge ina tsoron rasa hujja, in na bari ina tsoron sirrin mutane ya faɗa mugun hannu. Mene ne abin yi?

Mai shago daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Ina so ka fara komawa cikin hirar nan da ta wanke ka, ka duba da kyau abin da ka nuna wa mutumin ranar da ya dawo. Na tabbata ba hoton takardar NIN ɗinsa ba ne ya rufe masa baki, kuma ba lambar BVN ɗinsa ba ce. Abin da ya raba gardamar bai wuce saƙonni uku ko huɗu ba: inda ya faɗi aikin da yake so, inda kuka daidaita a kan farashi, inda ya turo shaidar biyan kuɗi, da inda ka tura masa takardar da ke nuna an karɓi fom ɗinsa. A cikin kowace hira da kake yi da abokin ciniki akwai abubuwa iri biyu a cakuɗe. Akwai hujjar cinikin, wadda taka ce kuma kana da dalilin riƙe ta shekaru. Akwai kuma takardun shaidar mutumin, waɗanda ba naka ba ne, amana ce aka ba ka domin aiki ɗaya, kuma lokacin riƙe su gajere ne. Tsoron nan biyu da kake ji ba za su rabu da kai ba sai ka raba waɗannan abubuwa biyu, ka ba kowanne nasa wa'adin.

Doka ma a kan wannan hanyar take. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ware wanda yake riƙe bayanan mutane domin harkar kansa da ta iyalinsa kawai, amma kai domin sana'a kake karɓa, saboda haka ta hau kanka duk da ƙanƙantar shagon. Sashe na 24 ya ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake bukata domin cika dalilin da aka karɓe shi, kuma sashe na 34 ya ba mai bayanin haƙƙin ya nemi a goge shi. Dokar ba ta yanke maka adadin kwanaki ba. Ta bar maka ka yanke da kanka, da sharaɗin ka iya bayyana dalilinka idan an tambaye ka. Ma'anar wannan ita ce ba daga ranar da saƙo ya shigo ake fara lissafi ba, daga ranar da aikin ya ƙare ake farawa. Saƙon jiya wanda aikinsa ya kammala ya fi cancantar gogewa a kan na watan jiya wanda har yanzu ake jiran sakamakonsa.

Kada kuma ka ɗauki abin da ke cikin wayarka da sauƙi don kana ganinsa kullum. Lambar BVN ita kaɗai ba ta ba wani damar shiga asusun bankin mai ita, amma a wayarka ba ita kaɗai take ba. A hira guda akwai cikakken sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da hotonsa, da lambar wayarsa a saman allon, da sunan bankinsa a jikin rasit, sau da yawa kuma da kalmar sirrin imel ɗinsa. Wanda ya haɗa waɗannan zai iya kiran mai su a waya ya ce daga banki ne, ya karanta masa bayanansa daidai har ya yarda ya faɗi lambar da aka turo masa, zai kuma iya gwada neman bashi da sunansa a manhajojin ba da rance. Ɓarawon da ya ƙwace wayar mutum ɗaya bayanin mutum ɗaya ya samu, wanda ya ƙwace taka kuwa ya samu na duk wanda ya shigo shagonka cikin shekara huɗu.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya irin wanda ka saba yi mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ta zo a ranar 3 ga Maris tana son ka cike mata fom ɗin tallafin karatu, wanda za a rufe shafinsa a ranar 31 ga Maris. Ta turo maka hoton NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbin karatu, da takardar asibiti, da lambar asusunta da BVN. Ta rubuto maka kalmar sirrin imel ɗinta domin ka buɗe saƙon tabbatarwa, ta kuma turo maka lambar `OTP` da ta shigo wayarta. Kun daidaita a kan naira 2,000, ta tura kuɗin, ta aiko da hoton rasit. Ka kammala aikin a ranar 4 ga Maris ka buga mata takardar karɓa.

Kalmar sirrin da lambar `OTP` bai kamata su kwana a wayarka ba. Ita lambar takan mutu da kanta cikin 'yan mintoci, don haka babu amfanin da za ta yi maka. Kalmar sirri kuwa ba ta mutuwa, kuma mutane da yawa kalma ɗaya suke amfani da ita a wurare daban-daban, har shekaru ba su canza ba. Da zarar ka fita daga imel ɗin, ka goge saƙon, ka rubuta mata cewa ta canza kalmar a ranar. Wannan kariya ce gare ka kamar yadda take gare ta, domin idan wani abu ya sami imel ɗinta daga baya, kai ne farkon wanda za ta zarga, kuma saƙon da ka ce mata ta canza shi ne zai tsaya maka. Ka kuma duba kwamfutar shagon, domin Chrome yakan tambaya ko a adana kalmar sirri, kuma yaron shago da ke sauri yakan danna `Save` ba tare da ya karanta ba. Ka rubuta `chrome://password-manager/passwords` a wurin adireshi ka ga abin da ya taru, ka share, sannan ka kashe wannan tayin gaba ɗaya. Hoton katin cirar kuɗi kuwa, gaba da baya, wanda wasu suke turowa domin a biya musu kuɗin fom, shawarata ita ce ka daina karɓarsa sam. Wanda ya turo ba ka nema ba, ka goge nan take ka sanar da shi.

Takardun shaidar suna da ɗan sauran aiki bayan ranar 4 ga Maris. Wani lokaci shafin yakan ƙi karɓar hoto, ko a buɗe damar gyara kuskure kafin rufewa, ko a ƙara wa'adin da mako ɗaya ko biyu. Saboda haka yana da ma'ana ka riƙe su har a rufe shafin, sannan ka ƙara kwana 30 a kai. A wannan misalin, ranar 30 ga Afrilu ita ce ranar gogewa. Wannan adadin ra'ayina ne bisa yadda irin aikinka yake tafiya, kuma idan ka ga kwana 14 ko 45 ya fi dacewa da wani nau'in fom, babu laifi, muddin ka tsayar da adadi ɗaya ka rubuta shi kana bin sa. Takardar asibiti ce kawai zan ware, domin dokar ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma ciwon da ke jikin mutum ko rukunin jininsa abu ne da fitarsa kan shafi aure da neman aiki. Ita ka goge ta da zarar shafin ya nuna ya karɓa. Idan gyara ya taso, sake turo ta ba zai ɗauke wa ɗalibar minti biyu ba.

Na san abin da za ka ce a nan: baɗi za ta dawo da wani fom, kuma za ta ji daɗi idan ta tarar da takardunta suna nan a hannunka. Gaskiya ne, kuma wannan yana cikin abin da ke riƙe abokin ciniki. Amma cikin mutum ɗari da suka turo maka takardu, kaɗan ne za su dawo, kuma bai dace ka riƙe sirrin sauran duka domin sauƙaƙa wa waɗannan kaɗan ba. Wanda yake son ka ajiye masa, ya faɗa da bakinsa a rubuce, ka fitar da takardunsa daga WhatsApp ka sa su a fayil mai kulle, ka kuma sa masa iyaka ta shekara ɗaya. Wanda bai ce komai ba, ka ɗauka bai yarda ba.

Yanzu sai hujjar cinikin, wadda ita ce ta hana ka gogewa tun farko. A jihohin Najeriya wa'adin shigar da ƙara a kan yarjejeniyar ciniki shekara biyar ne a wasu, shida a wasu, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani mai rajista ya riƙe littattafan lissafinsa shekara shida. Don haka shekara shida iyaka ce mai kyau ga shaidar kuɗi. Sai dai abin da za ka riƙe ɗan kaɗan ne, kuma bai kamata ya dogara da waya ba. Ka sayi babban littafi, kowane aiki ya sami layi ɗaya: kwanan wata, sunan mai aikin, lambar wayarsa, irin aikin, kuɗin da ya biya, lambar da ke jikin takardar karɓa, da ranar da za a goge takardunsa. Ba a rubuta NIN ko BVN a wannan littafi. Idan mai aikin yana shagon, ya sa hannu a ƙarshen layin.

Sannan ka saba rufe kowane aiki da saƙo guda wanda ya tattara komai, misali: “An kammala fom ɗinki na tallafin karatu yau 4 ga Maris, na karɓi naira 2,000, ga lambar takardar karɓa. Zan goge takardunki a ranar 30 ga Afrilu. Ki amsa idan kin gamsu.” Idan ta amsa, ka ɗauki hoton allon yadda lambar wayarta da kwanan wata za su fito. Wannan hoton guda ɗaya ya fi hira mai saƙo sittin amfani a wurin sulhu, ko a gaban shugaban kasuwa, ko a ofishin 'yan sanda. Idan magana ta kai kotu, Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, bisa sharaɗin a haɗa ta da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da ita, kuma lauya zai shirya maka wannan. Ka tuna kuma cewa shigar kuɗin tana rubuce a banki, kuma doka ta wajabta wa bankuna riƙe bayanan hada-hada aƙalla shekara biyar, don haka bayanin asusunka ya fi hoton rasit ƙarfi.

Akwai yanayi ɗaya da duk waɗannan ranaku suke tsayawa cak. Idan mutum ya yi ƙorafi, ko ya ce zai kai ka ƙara, ko hukuma ta fara bincike a kan wani fom da ya bi ta hannunka, kada ka taɓa ko saƙo ɗaya a hirarsa, ko da ranar gogewarsa ta yi. Gogewa bayan rigima ta tashi kama take yi da ɓoye gaskiya, ko da niyyarka tsarkakakkiya ce. Ka sa alama a layinsa a littafin, ka bar komai yadda yake har a warware, sannan ka fara lissafin kwana 30 daga ranar da aka gama.

Sauran maganar ita ce gogewar kanta, kuma a nan ne mutane da yawa suke zaton sun gama alhali ba su gama ba. Mu bi hoton NIN ɗin ɗalibar nan mu ga wuraren da ya sauka. Yana cikin hirar. Yana cikin ma'ajiyar hotunan wayar, domin WhatsApp yana sauke hotuna can idan ba ka hana shi ba. Idan Google Photos yana kunne, ya riga ya kwashe kwafinsa zuwa asusunka na Google. Yana cikin ajiyar ko-ta-kwana da WhatsApp yake yi a Google Drive. Ka buɗe WhatsApp a kwamfuta ka sauke shi domin ɗorawa a shafin, don haka yana cikin `Downloads`, wataƙila har sau biyu idan ka rage masa nauyi. Idan ka tura wa yaronka domin ya ƙarasa aikin, yana wayarsa, da duk waɗannan wurare a nasa ɓangaren. Idan kuma ka buga shi bugun farko bai fito da kyau ba, yana cikin kwandon takardu a ƙarƙashin tebur.

Ka bi su a jere, domin jerin yana da muhimmanci. Ka fara fitar da hujjarka, wato hoton saƙon rufewa da layin littafin. Sannan ka share hirar da `Clear chat` ko `Delete chat`, kana tabbatar da cewa ka sa alama a ƙaramin akwatin da ke tambaya ko a haɗa da hotuna da fayilolin da suka sauka a wayar, domin idan ka tsallake shi rubutu kawai ka goge. Daga nan ka buɗe ma'ajiyar hotuna ka shiga `Trash` ko `Recycle bin` ko `Recently deleted`, gwargwadon irin wayarka, domin abin da aka goge yakan zauna a can kwana 30 ko fiye yana jiran duk wanda zai dawo da shi. Ka yi haka a Google Photos. Idan takardar ta imel ta zo, Gmail ma yana riƙe ta kwana 30 a `Trash`, kuma ka duba `Sent` idan ka taɓa tura ta wani wuri. Sai bayan duk wannan za ka shiga `Settings`, `Chats`, `Chat backup` ka danna `Back up`, domin sabuwar ajiyar ta hau kan tsohuwar. Wanda ya goge hira bai yi wannan ba, sannan ya sa WhatsApp a sabuwar waya, zai iya ganin abin da ya goge ya dawo. A wurin nan kuma za ka ga `End-to-end encrypted backup`. Ka kunna shi, ka rubuta kalmar sirrinsa a takarda ka ajiye a gida, domin idan ka manta ta kuma wayar ta ɓace, babu mai iya buɗe maka ajiyar.

A kwamfuta, ka share `Downloads` da inda na'urar sikana take zuba hotuna, sannan ka zazzage `Recycle Bin`. Idan kwamfutar tsohuwa ce mai faifai mai juyawa, fayil ɗin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma manhajar dawo da fayil za ta iya tono shi. Windows yana da umarnin da ke rubuce filin da aka share, wanda za ka iya yi sau ɗaya a wata da dare, domin yana ɗaukar lokaci:

```
cipher /w:C:\
```

Wannan umarnin ba ya taɓa fayilolin da suke nan, filin da babu komai kawai yake bi. A kwamfuta mai SSD, wato sabon nau'in faifai mara juyawa, ba a dogara da shi, abin da ya fi a can shi ne ka kulle faifan gaba ɗaya da BitLocker idan irin Windows ɗinka yana da shi. Takardun da suka lalace a wurin bugu kuwa, ka ƙone su ko ka yayyaga su ƙanana. Kowa ya taɓa karɓar ƙosai ko tsire a naɗe cikin takardar da ke ɗauke da sunan wani da hotonsa, kuma daga shaguna da ofisoshi waɗannan takardu suke fitowa.

Domin ka san ko gogewar ta yi, ka zaɓi mutum ɗaya ka gwada. Ka rubuta sunansa a wurin bincike na WhatsApp, da na Google Photos a kwamfuta, da na Gmail, da na fayilolin wayar, ka kuma leƙa `Manage storage` a ƙarƙashin `Storage and data`. Idan ya fito a wani wuri, ka gano ƙofar da ka manta, sai ka ƙara ta cikin jerinka. Ka kuma sani cewa `Delete for everyone` a kan saƙon da kai ka tura kawai yake aiki, kuma cikin kimanin kwana biyu, don haka abin da ka tura wa yaronka makonnin baya sai ka karɓi wayarsa ku goge tare a gabanka. Abin da ya fi shi ne shago ya sami waya ɗaya ta aiki wadda ba ta fita, yara su daina karɓar takardun mutane a wayoyinsu.

Don gaba, WhatsApp yana da saƙonni masu ɓacewa da kansu, da zaɓin awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Ga shago irin naka kwana 90 ne ya fi dacewa, kuma za ka same shi a `Settings`, `Privacy`, `Default message timer`. Amfaninsa shi ne idan ka shagala ba ka goge a ranar da ka rubuta ba, hirar ba za ta kai shekara huɗu ba. Amma ka san iyakarsa. Sababbin hirarraki kawai yake kamawa, bai shafi tsofaffin saƙonni ba, ba ya bin fayil ɗin da ka sauke a kwamfuta ko ka tura wa wani, kuma zai share hujjarka tare da sauran idan ba ka fitar da ita da wuri ba. Idan rigima ta tashi da wani, ka kashe shi a hirarsa nan take, ka kuma ɗauki hoton saƙonnin da suka rage, domin waɗanda aka riga aka tura lokacinsu yana ci gaba da tafiya.

Tarin shekara huɗun nan kuwa, kada ka ce za ka bi shi saƙo bayan saƙo, domin za ka gaji ka bari. Ka ware mutanen da har yanzu aikinsu bai ƙare ba, da waɗanda kuka taɓa samun saɓani, da waɗanda suka biya kuɗi mai yawa. Ba za su yi yawa ba. In ban da waɗanda aikinsu ko rigimarsu ba ta ƙare ba tukuna, a hirar waɗannan ka goge takardun shaida da kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fitar da rubutun da `Export chat` ka zaɓi `Without media`. Dole gogewar ta riga fitarwar, domin duk BVN ko kalmar sirrin da aka rubuta da hannu za ta bi rubutun ta fita. Ka tara fayilolin a wuri ɗaya ka kulle su da kalmar sirri ta amfani da manhajar 7-Zip, ka sa a fulash, ka ajiye a gida. Sauran hirarrakin duka ka share su. Aikin naira 1,000 ko 2,000 da aka gama shekara uku da suka wuce ba tare da ƙorafi ba, bayanin asusunka na banki ya isa hujja a kansa.

Sai bayan nan za ka taɓa maganar sayar da wayar. Ka sa WhatsApp a sabuwar, ka tabbatar abin da ya dawo shi ne abin da ka bari kawai, ka kunna `Two-step verification`. A tsohuwar ka cire layin waya da katin memori, ka fitar da asusunka na Google, sannan ka yi `Factory reset`. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle bayanansu suke tun daga kamfani, kuma wannan sharewar tana lalata makullin, don haka abin da ya saura a ciki ba ya karantuwa. Idan wayar ta girmi haka, ka duba `Encrypt phone` a ƙarƙashin `Security` ka kunna shi kafin sharewar. Katin memori bai shiga wannan kariyar ba, saboda haka kada ka haɗa shi a cinikin, ka riƙe shi ko ka karya shi. Da hannunka za ka yi wannan a gida, kada ka miƙa wa mai saye ko mai gyara wayar a buɗe a kan alkawarin zai share maka.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka ɗauke wayar kafin ka gama wannan aikin, ka rufe layin a kamfanin sadarwa ka karɓi sabo mai lambar, ka buɗe WhatsApp da shi a wata waya domin na tsohuwar ya fita, ka shiga `android.com/find` ka ba da umarnin share ta, ka canza kalmar sirrin Google. Sannan ka sanar da mutanen da takardunsu ke ciki, gwargwadon waɗanda za ka iya samu, cewa su canza kalmomin sirrinsu kuma kada su yarda da duk wanda ya kira su da sunan banki. Sashe na 40 na dokar ya ba da awa 72 daga lokacin da ka sani domin sanar da Hukumar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, idan abin da ya fita zai iya cutar da masu shi, kuma waya mai ɗauke da NIN da BVN na jama'a ta shiga wannan. Littafin nan da na ce ka buɗe shi ne zai ba ka sunaye da lambobin waɗanda za ka kira, don haka ka fara shi a wannan makon, tun kafin ka je kasuwar waya. Allah ya sa albarka a sana'ar.